Digiri ko radiyan: igiya ɗaya, hanya biyu

"Salamu alaikum ƴan uwa. Ina lise a Tawa. Mushenmu ya ba mu s = rθ na tsawon baka da A = ½r²θ na filin yankin da'ira, ya ce sai da radiyan. Ni kuwa tun koleji na saba da raba kusurwa da 360. Wanne ya fi, kuma me ya sa in na sa digiri amsa take fita wata iri?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Duka hanyoyin biyu gida ɗaya suke kaiwa, amma kowace da inda ta fi sauri. Bari mu auna su da abin da ka sha gani in ka bi hanyar Keita ko Badagishiri, wato rabin watan da ake haƙawa a fako don tare ruwan sama. Mai zana shi turke yake kafawa, ya ɗaura igiya, ya ja ta ta yi tsam, ya zagaya da tsinke yana tsaga ƙasa. Tsawon igiyar shi ne r. Layin da tsinke ya tsaga shi ne baka, s. Buɗewar da igiyar ta yi daga inda ta tashi zuwa inda ta tsaya ita ce kusurwa, θ.

A ce igiyar mita 3 ce, kuma mutumin bai kai rabin da'ira cif ba, ya tsaya a digiri 150. Ga yadda kowace hanya take tafiya:

```
Digiri:  s = (150/360) × 2π × 3   = 7,85 m
Radiyan: s = 3 × 5π/6             = 7,85 m

Digiri:  A = (150/360) × π × 3²   = 11,78 m²
Radiyan: A = ½ × 3² × 5π/6        = 11,78 m²
```

Hanyar digiri hanyar rabon gado ce. Sai ka fara lissafa da'irar gaba ɗaya, kewayenta mita 18,85, filinta murabba'in mita 28,27, sannan ka yanki kasonka, 150 cikin 360. Ba ta da laifi ko kaɗan, kuma in digiri aka ba ka, tambayar kuma ba ta wuce nan ba, ni ma ita zan bi.

Radiyan kuwa ba ya jiran a gama da'ira. Ɗauki igiyar nan taka ta mita 3, ka kwance ta daga turke, ka shimfiɗa ta a kan bakan tana bin lanƙwasarsa. Kusurwar da ta rufe daga wannan baki zuwa wancan, ita ce radiyan ɗaya, kusan digiri 57,3. Ke nan in an ce kusurwa radiyan 2,618 ce, ana nufin igiyar za ta kwanta a kan bakan sau biyu da ɗan abin da ya haura rabi. To igiya mai mita 3 sau 2,618 nawa ke nan? Mita 7,85. Abin da s = rθ yake faɗa ke nan, babu wani sirri a ciki. Digiri 360 mutane ne suka zaɓe shi, gado ne daga masu lissafin taurari na Babila, kuma ya yi daɗin rabawa. Radiyan daga jikin da'irar ya fito.

Daga nan za ka ga dalilin da amsarka take fita wata iri. In ka sa 150 a gurbin θ, ka ce wa dabarar igiya ta kwanta sau 150, sai ta ba ka mita 450. Na taɓa gyara takardar yaron da ya rubuta haka, har ya ja layi biyu ƙarƙashin amsar. Bakan da aka zana da igiyar mita 3 ya fi filin ƙwallo tsawo sau huɗu! Kafin ka miƙa takarda, ka tambayi kanka nawa ne kewayen da'irar duka. Baka ba ya fin 2πr, kuma θ na yankin da'ira ba ya fin 6,28. Duk abin da ya haura haka, digiri ne ya shigo da rigar radiyan.

Juyawa daga wannan zuwa wancan abu ɗaya za ka riƙe: rabin da'ira digiri 180 ne, kuma igiya tana kwanciya a kansa sau π. Daga digiri zuwa radiyan ka ninka da π/180, shi ya sa 150 ya zama 150π/180, a rage ya koma 5π/6. In za ka dawo, ka ninka da 180/π. Wanda ya rikice wanne ne sama wanne ne ƙasa, ya tuna lambar radiyan ita ce ƙarama kullum.

Inda radiyan yake tsere wa digiri shi ne in tambayar ta juyo da baya. A gona ba wanda ke yawo da ma'aunin kusurwa, amma kowa na iya auna kunya. A ce ka bi bakan da igiyar awo ka samu mita 5, r yana nan a 3. Kusurwar 5/3 ce, radiyan 1,67, ka gama. Filin ma ba sai ka nemi kusurwar ba, domin rθ shi ne s, sai A ya zama ½ × r × s, wato ½ × 3 × 5, murabba'in mita 7,5. Ka lura π bai ko leƙo ba. Ta hanyar digiri sai ka raba 5 da 18,85, ka ninka da 360 ka samu kusan 95,5, ka sake rabawa da 360, ka ninka da 28,27. π ya shiga ya fita, kuma duk inda ka datse lambobin bayan waƙafi ka zubar da ɗan wani abu a hanya.

Wani wuri kuma da ɗalibai ke faɗawa: A = ½r²θ filin da ke tsakanin baka da igiyoyi biyu masu komawa turke yake bayarwa, kamar yankan kankana mai tsini. In abin da ake so shi ne filin da ke tsakanin baka da miƙaƙƙen layin da ya haɗa bakunansa biyu, sai an cire alwatikar da ke tsakiya:

```
A = ½r²(θ − sin θ) = 4,5 × (2,618 − 0,5) = 9,53 m²
```

A nan ne na'urar lissafinka take iya cin amanarka. A s = rθ ninkawa ce zalla, ko harafin D na digiri ne a saman allo ko R na radiyan, amsa ɗaya ce. Amma da zarar sin ya shigo, in ka buga sin(2,618) alhali tana kan D, za ta ɗauka digiri 2,618 kake nufi, ta ba ka 0,046 maimakon 0,5, filin ya fito 11,58. Wannan ya fi na mita 450 haɗari, don lambar ta yi kama da gaskiya, ido ba ya kama ta. Akwai ma G na uku, mai raba da'ira gida 400, wanda yatsa kan taɓa bisa kuskure. Ranar jarrabawa, kafin komai, buga sin(π/6). In ta ce 0,5 kana kan radiyan.

Shawarata ita ce ka bi mushenka, ka mayar da kusurwa radiyan tun layin farko, ka bar ta da π ɗinta kamar 5π/6 har sai layin ƙarshe. Hanyar 360 ka ajiye ta a gefen takarda don tabbatar da amsa. Nan gaba, in kun kai darasin dérivée inda ake cewa dérivée ɗin sin x ita ce cos x, wannan doka da radiyan kaɗai take tsayawa haka. Da digiri sai ka yi ta jan π/180 a kowane layi.