Sharhina kan kwas ɗin karatun IELTS na mako shida

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista a Birtaniya tana neman maki 7 a ɓangaren karatu na jarrabawar Turanci ta IELTS, wato sai mutum ya ci kusan tambayoyi 30 cikin 40. Wannan ne ya sa na biya kuɗin kwas na mako shida a wata cibiya da ke kusa da unguwarmu, domin a gida na kan cinye minti 60 ɗin nan tun ban taɓa rubutu na uku ba.

Gaskiya a makonnin farko na ji daɗin malamin. Ya hana ni bin rubutu kalma bayan kalma, ya koya mini in fara duba tambaya, in zaɓi abin da ido zai iya kamawa da sauri, kamar shekara ko sunan da ya fara da babban baƙi, sannan in bi shafin da bakin fensir har in same shi. Shi ne kuma ya nuna mini cewa tambayoyin TRUE, FALSE da NOT GIVEN suna bin jerin rubutun, saboda haka idan na gano inda amsar ta biyu da ta huɗu suke, to ta uku tana tsakaninsu. Da wannan kaɗai na fara gama kowane rubutu cikin minti 20.

Abin da ya ɓata mini rai ya faru ne a jarrabawar gwaji ta mako na huɗu. Malamin ya sha nanata mana cewa wajen haɗa kanu da sakin layi, jimlar farko kawai za mu karanta mu wuce, kuma na riƙe maganarsa da hannu biyu. Rubutun ranar a kan tarihin maganin fenisilin ne, har na yi murna a raina cewa an shigo fagena. Wani sakin layi ya buɗe da yadda Alexander Fleming ya lura da funfunar da ke samar da maganin a 1928, sai nan take na zaɓi kan da ke maganar gano abu bisa katari. Ashe a jimla ta biyu marubucin ya juya da kalmar da ke nufin “amma”, sauran sakin layin duka kuma a kan wahalar da masana kimiyya Florey da Chain suka sha ne a Oxford wajen tace maganin da samar da shi da yawa. Tun da kanun sun fi sakin layin yawa, kuma wanda na ɗauka na wani sakin layi ne can gaba, kuskure ɗaya ya zama biyu.

Na NOT GIVEN ya fi ciwo. Wata jimla ta ce rahoton Fleming ya ja hankalin masana da zarar ya fito, rubutun kuwa ya ce ba a kula shi sosai ba, don haka FALSE ce, kuma na ci. Ta gaba ta ce mutanen uku sun sami lambar yabo ta Nobel a 1945. Na san haka ne tun ina makarantar jinya, na kuma ga sunayensu a shafin, sai na rubuta TRUE. Rubutun bai ambaci wata lambar yabo ba ko sau ɗaya, amsar NOT GIVEN ce. Mako huɗu muna zuwa aji, ba a taɓa zaunar da mu an bayyana mana cewa FALSE tana buƙatar jimlar da za ka ɗora yatsa a kanta wadda ta saɓa wa maganar ba, kuma abin da ka sani daga waje ba ya shiga lissafi. Na tashi da 24 cikin 40.

Da na kai masa koke na ce, “Malam, jimlar farko ta yaudare ni,” sai ya ce, “Hajiya, ai galibi tana aiki,” ya ci gaba da raba takardu. Wannan “galibi” ita ce ya kamata ya faɗa tun ranar farko. Yanzu ni kaɗai nake gyarawa a gida: ina karanta jimloli biyu na farko da ta ƙarshe, in faɗa wa kaina abin da sakin layin yake nufi kafin in kalli jerin kanu, idan kuma na gano wurin amsa sai in rage gudu in karanta shi a natse, ina lura da kalmomin da ke nufin “duka”, “wasu” da “kawai”.

Da farko na yi niyyar cewa kwas ɗin ya ci kuɗinsa, amma duk lokacin da na tuna takardar nan sai raina ya sake ɓaci. Wanda lokaci ne kawai yake kuɓuce masa zai amfana da makonni biyun farko. Wanda yake neman maki 7 kamar ni kuwa, ya tambayi malamin yadda yake bambanta FALSE da NOT GIVEN kafin ya biya ko sisi.