Sai da na rubuta wasiƙa suka daina cire min kuɗi

Wata takwas na yi ina zuwa wani gidan motsa jiki, kuma ba ni da ƙorafi kan aikinsu. Injuna lafiya lau, wurin wanka tsaf, masu horarwa da fara'a. Ranar da na ce zan bar su ne na ga ɗaya fuskar.

Gwiwata ta fara ciwo, likita ya ce in huta. Ranar 3 ga Maris na gaya wa matashin da ke teburin karɓar baƙi cewa na daina, ya ce an gama. Allah ya sa da na koma gida na tura musu imel na layi biyu. Ranar 1 ga Afrilu aka cire kuɗi daga katina. Ranar 1 ga Mayu ma sai ga alat.

Sai a lokacin na zauna na karanta yarjejeniyar da na sa wa hannu ido rufe. Ashe sai an ba su sanarwar kwana 30, a rubuce. Daga 3 ga Maris, wa'adin ya cika 2 ga Afrilu, wato kuɗin Afrilu haƙƙinsu ne duk da ya min zafi. Na Mayu kuwa ba su da hujja. Shi kaɗai na nema, don wanda ya haɗa da abin da ba nasa ba ya ba su ƙofar musu.

A wasiƙar na sa cikakken sunana, lambar mamba da lambobi huɗu na ƙarshen katin, ban rubuta sauran ba. Na ce na soke rajistata tun 3 ga Maris, ga kwafin imel ɗin. Na ce na janye izinin cire kuɗi daga katina, a maido min da na 1 ga Mayu ta katin da aka cira cikin kwana 14, kuma a tabbatar min a rubuce. Kwafi biyu na kai, na tsaya har manaja ta sa hannu da kwanan wata a nawa.

Wani aboki ya ce me zai sa in wahala, in toshe katin kawai. Toshe kati yana iya tsayar da cirar kuɗi, amma yarjejeniya tana nan da ranta, bashi ya yi ta taruwa da sunanka. Ni sai bayan na miƙa wasiƙar na je banki da kwafinta, na ce a hana su sake cira.

Manajar ta so in karɓi wata ɗaya kyauta maimakon kuɗin. Da wace gwiwar? Na ƙi. Kwana tara bayan haka kuɗin ya dawo, takardar tabbaci kuwa sai da na tuna musu sau biyu. Tauraro huɗu na ba su a kayan aiki, ɗaya a sallama.