Tsakanin `jet` da `RdBu_r`: wane launi za a sa wa taswirar alaƙa?

"Salamu alaikum ƴan uwa. Na zagaya gidajen manoma 40 wajen Madarumfa, na auna abubuwa 30 a kowane gida: girman gona, damin hatsi, awaki, kuɗin cefane da sauransu. Na fitar da `heatmap` na alaƙarsu. Wani ya ce in sa `jet` don ya fi ɗaukar ido, wani ya ce `RdBu_r`. Wanne ya fi? Kuma akwatuna masu launi sun yi yawa, duka zan rubuta a kundina?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ɗauki `RdBu_r`, ka kafe ma'aunin daga -1 zuwa +1, sifiri a tsakiya. Na yi aiki da duka biyun a kundina na kammala karatu, shi ma kan gidajen manoma ne, kuma ɗayansu ya sa ni jin kunya.

`jet` na fara sawa, don ya yi mini kyau a fuskar kwamfuta kamar sabon zane. Abin da ban sani ba lokacin shi ne, a cikinsa launin da ya fi haske rawaya ne, kuma idan ma'auni ya tashi daga -1 zuwa +1, rawayar tana faɗowa wajen 0.3 ne. Su kuwa bakunan biyu, inda alaƙa mai ƙarfi take, ja ne mai duhu da shuɗi mai duhu. Ido kuma haske yake fara bi. Da na kai wa malamina takardar, yatsarsa kan wani akwati rawaya ta fara sauka, ya ce in yi masa bayaninsa. Na duba lambar, 0.28, tsakanin yawan kaji da nisan rijiya. Na tsaya ina kame-kame kan abin da ba shi da ma'ana, alhali alaƙar gaske tana can gefe cikin duhu ba wanda ya kula ta. Har ila yau `jet` yana zana iyaka inda babu ita: 0.15 ya fito kore, 0.3 rawaya, sai mai kallo ya zaci an tsallaka wani babban rami, bayan ɗan taki ne kawai. Abin da zan iya yaba masa bai wuce yana sa bango ya yi armashi ba. Masu `matplotlib` da kansu sun sauke shi daga zama launin farko a 2017, suka ɗora `viridis`.

Shi ma `viridis` kada ka kawo shi nan. Launi ne mai kyau ga abin da ke tafiya hanya ɗaya, daga kaɗan zuwa da yawa, kamar ruwan sama. Alaƙa kuwa hanya biyu gare ta da tsakiya mai ma'ana, shi kuma bai ware wa sifiri wani launi da ido zai gane nan take ba.

Daren da na sauya zuwa `RdBu_r` ba na mantawa da shi. Wuta ta ɗauke, ina zaune a tsakar gida da sauran cajin kwamfuta, na canza layi ɗaya tak. Hoton da ya yi mako biyu yana yi mini hayaniya ya lafa. Mafi yawan akwatunan suka koma fari-fari, wasu ƴan kaɗan suka tsaya ja jawur a kusurwa guda, biyu ko uku shuɗi. Yayata da ke tsince wake kusa da ni, wadda ba ta taɓa zama ajin lissafi ba, ta leƙo ta ce, "To ai waɗannan jajayen ne ke tafiya tare, sauran babu ruwansu da juna." Abin da nake so masu gwada ni su gani ke nan, ta gan shi kafin in buɗe baki. Dalilin kuwa a fili yake: sifiri fari ne, launi yana ƙara kauri daidai da yadda alaƙa ke ƙara ƙarfi, ja idan abubuwan biyu suna hawa tare, shuɗi idan ɗaya na hawa ɗaya na sauka.

Ga yadda nake rubuta shi:

```python
r = df.corr()
sama = np.triu(np.ones_like(r, dtype=bool))
sns.heatmap(r, mask=sama, cmap="RdBu_r",
            vmin=-1, vmax=1, center=0, square=True)
```

Kula da `vmin` da `vmax`, sun fi zaɓen launin ma muhimmanci. Idan ka cire su tare da `center` da `mask`, `seaborn` zai ɗauki ƙaramar lambarka da babbarta ya shimfiɗa launin tsakaninsu. A ce ƙaramar -0.2 ce, babbar kuma 1 ce kullum, tun da kowane abu yana da cikakkiyar alaƙa da kansa. Tsakiya ta koma 0.4 ke nan. Sai alaƙar 0.4 ta fito fara kamar babu komai, sifiri kuma ya fito shuɗi kamar abubuwan suna adawa da juna. Launi mai kyau, labari na ƙarya. Shi kuwa `mask` yana rufe rabin sama ne, domin akwatuna 900 da kake gani maimaici ne: 30 na layin tsakiya ba su faɗa maka komai, sauran kuma 435 ne aka nuna sau biyu. Wancan `_r` na ƙarshen sunan ma kada ka yar da shi, in babu shi shuɗi ne zai zama hawa tare. Ba laifi ba ne, a R ma `corrplot` haka yake yi, amma ka rubuta a ƙarƙashin hoton wane launi ke nufin me.

Aibi ɗaya `RdBu_r` yake da shi, kuma ya shafe mu nan Maraɗi da yawancin kundi baƙi da fari ake buga shi. A fotokwafi ja mai kauri da shuɗi mai kauri duka toka-toka mai duhu suke zama, ƙarfin alaƙar ya rage amma ba a san ta hawa ba ce ko ta sauka. Ko dai ka biya a buga maka wannan shafin ɗaya da launi, ko ka ƙara `annot=True, fmt=".2f"` lambobin su fito da alamar ragewarsu. Lambobi 435 ba za su karantu a takarda ɗaya ba, wanda zai tilasta maka rage abubuwan, kuma dama ragewar ce maganin babbar matsalarka.

Gidaje 40 gare ka. Da wannan adadin, alaƙar da ta wuce 0.31, sama ko ƙasa, ita ce gwajin da aka saba, na kashi 5 cikin 100, yake cewa ba dace ba ne. Amma ma'anar kashi 5 ɗin ita ce, a cikin kowane gwaji 20 da babu komai a ƙarƙashinsu, ɗaya zai tsallake. Kai kuma gwaji 435 ka yi a zama ɗaya. Raba 435 da 20, ka sami kusan 22. Wato ko da babu abu ɗaya da ya shafi wani a cikin bayananka, akwatuna wajen 22 za su yi launin da zai ja hankalinka, kuma mafi girmansu yakan kai 0.45 ko 0.5. Kada ka yarda don na faɗa, gwada da kanka:

```python
bogi = pd.DataFrame(np.random.normal(size=(40, 30)))
c = bogi.corr().abs().values[np.triu_indices(30, 1)]
print((c > 0.31).sum(), c.max())
```

Waɗannan lambobi ne da kwamfuta ta zubo kara zube, babu gona babu akuya. Ka zana su da launi ɗaya da naka, ka jera hotunan biyu. Duk akwatin da a naka bai fi na bogin kauri ba, bai cancanci sakin layi a kundi ba. Idan kana son iyaka mai tsauri, hanyar Bonferroni ita ce ka raba 0.05 da 435, wanda a gidaje 40 yake mayar da iyakar wajen 0.57. Ta yi tsanani, za ta zubar da wasu alaƙoƙin gaske, shi ya sa na fi son ka zauna tun kafin ka kalli hoton ka zaɓi abubuwa 10 ko 12 da tambayar bincikenka ta dogara a kansu. Goma sha biyu gwaji 66 ne kawai, kuma lambobinsu za su zauna a shafi ɗaya a karanta su ba tare da matse ido ba.

Ko jajayen da suka tsira ma sai ka bincike su. A nawa, girman gona, damin hatsi, awaki da kuɗin cefane duk sun haɗu ja, har na fara murna. Ashe abu ɗaya ne ke jan su duka: yawan mutanen gida. Gandu mai mutum 25 dole ya fi gidan mutum 5 gona, ya fi shi dami, ya fi shi cefane. Da na raba kowanne da yawan mutanen gidan, rabin jan ya dusashe. Naka ma ina kyautata zaton haka zai yi.

Sannan ka zana ɗigo-ɗigon kowace alaƙa da za ka rubuta a kanta, `sns.scatterplot` ya isa. A cikin gidajena akwai na wani Alhaji mai fataucin aya da wake, shanunsa sun fi na sauran ƙauyen a haɗe. Shi kaɗai ya ɗaga alaƙar shanu da kuɗin makarantar yara zuwa 0.7. A hoton ɗigo, kowa ya cure a kusurwar ƙasa, shi yana can sama shi ɗaya. Na cire shi don gwaji, lambar ta faɗo ƙasa da 0.2. `df.corr()` hanyar Pearson yake bi in ba ka ce masa komai ba, ita kuma gida ɗaya irin wannan yana iya jan ta. Ka sake lissafin da `method="spearman"`, wanda jerin matsayi yake dubawa, wa ya fi wa, ba yawan tazarar ba. Inda hotunan biyu suka saɓa sosai, je ka nemo Alhajinka. Ba cewa na yi ka goge shi daga bayanan ba, gidansa gida ne na gaske; ka dai faɗa a rubutun cewa shi ke riƙe da lambar.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu karɓar kuɗi su yi wa ɗalibai lissafin kundi. Akwai na kirki a cikinsu, akwai kuma waɗanda suka san ɗalibi ja yake son gani. Na ga hoton da aka kafe wa `vmax` a 0.4, aka yanke sandar ma'aunin da ke gefe, duk shafin ya yi ja kamar an gano abin mamaki. Wasu kuma gidajen da suka ɓata musu sakamako suke sharewa a ɓoye. In har za ka ba wani, sharaɗinka uku: ya bar sandar ma'auni a jikin hoton tana nuna -1 zuwa +1, ya ba ka teburin lambobin kansu, ya kuma nuna maka cewa gidaje 40 ɗin nan suna nan cif. Wannan na ƙarshen ka duba shi ko da kai ka yi aikin, domin `pandas` yana tsallake gurbin da ba a cike ba bibbiyu-bibbiyu, ta yadda wani akwatin daga gidaje 40 ya fito, na kusa da shi daga 14, launinsu kuma bai nuna bambancin ba. Sa `min_periods=30` a cikin `df.corr()`, duk akwatin da gidajensa ba su kai 30 ba zai fito wayam.