Ƙarfen rataya ko robar ja: wanne ya fi dacewa da samari masu tasowa?

"Ina koya wa yaran unguwarmu motsa jiki a nan Maraɗi, 'yan shekara 13 zuwa 16, kuma yawancinsu ba sa iya ɗaga jikinsu a kan ƙarfe ko sau ɗaya. Da ɗan kuɗin da muka tara, in sa mai walda ya kafa mana ƙarfen rataya ne, ko in sayi robobin ja da ake tallarsu?"

Ɗan'uwa, ka kafa ƙarfen, amma ka sa a yi maka shi mai hawa biyu: ɗaya daidai ƙugun yaran, wajen mita 1 daga ƙasa, ɗaya kuma a sama inda mafi tsayinsu zai kama da ɗan ɗage. Irinsa nake da shi a ƙofar gidana ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, kuma na ƙasan ne ya fi yi mini aiki, ko da yake na saman ne ke ɗaukar idon yara. Roba kuwa na taɓa saya, tana rage wa yaro nauyi idan ya sa ƙafa a ciki, wannan gaskiya ne, sai dai zafin bazararmu yana busar da ita har ta tsattsage, kuma ranar da za ta tsinke ba ta sallama.

Dalilina ya wuce ƙarkon kaya. Abin da mai koyarwa yake buƙata shi ne hanyar da zai sauƙaƙa motsi ko ya tsananta shi kaɗan-kaɗan, yana gani da idonsa. Roba ta fi taimako a ƙasa, lokacin da ta miƙe sosai, wato tana cilla yaro sama daga wurin da ya kamata ya koyi fara ja da allon kafaɗarsa, sannan ƙarfinta yana raguwa yayin da take tsufa, don haka ba za ka tantance ko yaron ne ya samu ci gaba ko ya koma baya ba. A ƙaramin ƙarfe kuwa, inda ya sa ƙafarsa shi ne ma'auninka. Yaro zai shiga ƙarƙashi ya kama da faɗin kafaɗunsa, dunduniyarsa a ƙasa, jikinsa a miƙe daga kai zuwa sawu, ya ja ƙirjinsa zuwa ƙarfen, ya sauko a hankali har hannuwansa su miƙe. Idan ya ja ƙafafunsa baya ya lanƙwasa gwiwa, aikin ya yi sauƙi. Idan ya tura su gaba jikin ya ƙara kwantawa, ya yi nauyi. Ni layuka nake ja a ƙasa, tazarar taƙi guda tsakaninsu, kowane yaro ya san layinsa.

Ɗan ƙanwata yana da shekara 14 lokacin da ya fara, dogo ne siriri da tsawo ya zo masa a lokaci guda, kuma idan ya rataya a babban ƙarfe sai kafaɗunsa su haɗe da kunnuwansa, yana harbin iska da ƙafafu. Na hana shi babban ƙarfen sai don rataya kawai, daƙiƙa 10 zuwa 20, yana danne kafaɗunsa ƙasa. A ƙaramin ƙarfe ya fara da gwiwa a lanƙwashe, sau 6 a zagaye biyu, da hutun minti ɗaya zuwa biyu a tsakani, kwana biyu a mako waɗanda ba sa bin juna. Ƙa'idar da na ɗora masa guda ce: yana ƙara ɗaya ko biyu har ya kai sau 12 a zagaye uku ba tare da siffar motsin ta lalace ba, kuma sai ya maimaita hakan a zama biyu a jere kafin ya matsa layi na gaba, inda zai sake komawa sau 6. Da ya iya hakan da ƙafafu a miƙe, sai na sa ya taka benci ya fara daga sama, haɓarsa a kan babban ƙarfe, ya sauko cikin daƙiƙa 3 zuwa 5, sau 3 ko 4 kacal. Ranar da ya ja kansa daga ƙasa har haɓa ta wuce ƙarfen, babu lilo babu harbi, abokansa sun yi ta sowa, shi kuwa ya sauko yana duban tafin hannunsa da ya fara kanta. Wani yaron zai kai nan cikin wata biyu, wani sai ya haura wata shida, musamman mai jiki, kuma wannan ba lalaci ba ne.

Abin da za ka riƙa lura da shi shi ne inda motsin ke fara ɓaci, domin nan ƙidaya take tsayawa ko da yaron ya rantse zai iya ƙarawa. Idan ƙugu ya lotsa ƙasa, ko wuya ya miƙa gaba yana neman ƙarfen alhali ƙirji bai iso ba, ko ya saki jikinsa ya faɗo maimakon ya sauko, to zagayen ya ƙare. Kada ka yarda da gasar wa ya fi yawa, musamman a saukowa a hankali, domin ita ce ta fi gajiyar da tsoka. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne, amma ciwo mai suka a gwiwar hannu, kafaɗa ko wuyan hannu dalili ne na dakatawa, tunda ƙarshen ƙasusuwansu bai gama ƙwari ba. Idan kuwa hannu ya kumbura ya ƙi miƙewa, fitsari ya yi duhu kamar ruwan shayi, a kai yaron asibiti a ranar. Mai ciwon sikila kuma sai likita ya amince kafin ya shiga cikinku.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce 'yan shekara 5 zuwa 17 su riƙa yin motsin ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla kwana uku a mako, don haka bayan sun saba da kwana biyu ka ƙara na uku, ka haɗa da tsuguno da tura ƙasa da hannu don kada aikin ya zama ja kaɗai. Ku fara da ɗumama jiki na minti 5 zuwa 10, ku yi da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, da ruwan sha a kusa, domin ƙarfen da ya sha ranar watan Afrilu yana iya ƙona tafin hannu.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara wajen sayen kayan. Akwai masu shafa wa siririn bututu ko wanda tsatsa ta ci fenti su sayar da shi a matsayin sabo. Ka je da kanka, ka leƙa bakin bututun ka ga kaurin jikinsa, kada ya gaza milimita 3, kuma faɗinsa ya zama wajen santimita 3 yadda hannun yaro zai zagaye shi. Ka duba waldar kafin a yi fenti, ta zagaye mahaɗar gaba ɗaya, ba ɗigo-ɗigo ba. A binne ginshiƙan aƙalla santimita 60 da siminti, a bar shi ya yi mako yana kamawa, a zuba yashi mai laushi a ƙarƙashi, sannan kai da kanka ka fara rataya ka girgiza shi kafin ka bar wani yaro ya taɓa. Idan kuɗin bai isa hawa biyu ba, ka fara da na ƙasan, amma ka sa ginshiƙan su yi tsawo tun yanzu yadda za a ƙara na saman daga baya.