Matsakaicin wata 3 ko na wata 12: wanne ke nuna gaskiyar ciniki?

“Assalamu alaikum. Ina sayar da bargo da rigunan sanyi da ɗan yadi a Terminus, nan Jos. Ina da lissafin cinikin wata 24 a Excel. Wani ya ce in fitar da matsakaicin wata uku-uku, wani ya ce na wata goma sha biyu. Wanne zai nuna min ko shagon gaba yake yi ko baya?”

Wa alaikumus salam, Malam. Na wata 12 ne zai amsa maka, amma kada ka yar da na wata 3, aikinsu ne ya bambanta.

A cikin cinikin kowane wata akwai abubuwa uku da suka cakuɗe. Akwai alƙibla, wato inda shagon ya dosa idan aka dube shi daga nesa, hawa yake yi ko sauka. Akwai zagayowar yanayi, hawa da saukar da ke dawowa kowace shekara a lokaci guda. Sai kuma tsautsayi da sa'a na wata ɗaya, kamar ranar da wata makaranta ta kwashi bargo talatin ko makon da mamakon ruwa ya hana mutane fitowa. Matsakaici mai tafiya hanya ce ta tace waɗannan: ka haɗa cinikin wasu watanni a jere, ka raba da yawansu, sannan ka matsa gaba da wata ɗaya ka sake. Yawan watannin da ka haɗa shi ke yanke abin da zai tace da abin da zai bari.

Ga misali na shagon bargo, an ƙirga da guda-guda, domin mu ga aikin da idonmu:

| Wata | 2023 | 2024 |
|---|---|---|
| Janairu | 180 | 204 |
| Fabrairu | 120 | 132 |
| Maris | 60 | 66 |
| Afrilu | 40 | 46 |
| Mayu | 40 | 44 |
| Yuni | 50 | 56 |
| Yuli | 80 | 88 |
| Agusta | 90 | 100 |
| Satumba | 60 | 66 |
| Oktoba | 70 | 78 |
| Nuwamba | 140 | 152 |
| Disamba | 210 | 228 |

Duk wanda ya zauna a Jos zai gane wannan tsari. Hunturu ya kama a Disamba da Janairu, bargo ya tafi kamar a kyauta. Zafin Maris da Afrilu ya shigo, kaya su kwanta. Sanyin damina a Yuli da Agusta ya ɗan farfaɗo da kasuwa.

Fara da na wata 3. A ƙarshen Janairun 2024 za ka haɗa 140 da 210 da 204, ka samu 554, ka raba uku, ya ba ka kusan 185. A ƙarshen Mayu kuma 66 da 46 da 44 ne, jimla 156, matsakaici 52. Wanda ya ga layin ya gangaro daga 185 zuwa 52 cikin wata huɗu, hankalinsa zai tashi, ya ce shago ya durƙushe. Alhali ba abin da ya faru sai wucewar sanyi. Wata uku sun yi kaɗan su haɗiye yanayi, domin ukun duka suna iya faɗawa cikin hunturu, ko duka cikin bazara. Abin da ya goge shi ne tsautsayin wata ɗaya kawai, yanayin yana nan daram a cikin layin.

Na wata 12 kuwa, duk inda ka ɗora shi, yana ɗauke da Disamba ɗaya, Afrilu ɗaya, Agusta ɗaya. Watan albarka da watan kwantai sun shiga tukunya guda, sun cinye juna, abin da ya rage shi ne alƙibla. Jimlar 2023 bargo 1,140 ne, matsakaici 95. Da Janairun 2024 ya shigo, sai ka cire tsohon Janairu mai 180 ka sa sabo mai 204, jimla ta koma 1,164, matsakaici 97. Fabrairu ya kai shi 98. A ƙarshen Mayun nan da na wata 3 ke ihun 52, na wata 12 yana kan 99 da ɗoriya, bai taɓa sauka ba. Ya rufe 2024 a kan 105. Shagon gaba yake yi, matsakaicin cinikin wata ya ƙaru da bargo goma cikin shekara guda, kuma wannan ita ce amsar da kake nema.

Sai dai yana da nasa lahanin, shi ne nauyin jiki. Matsakaicin da ka rubuta a layin Disamba ba labarin Disamba yake ba ka ba, labarin tsakiyar shekarar ne, domin tsakiyar watanni goma sha biyun tana baya da wata biyar da rabi. Na wata 3 wata ɗaya kawai yake makara. A ce wani ya buɗe shago kusa da kai ya janye maka cinikin bargo 24 a wata. A watan farko, na wata 3 zai sauka da 8, na wata 12 da 2 kacal, kuma ba zai nuna cikakkiyar asarar ba sai shekara ta zagayo. Saboda haka ga kayan da ba ruwansu da yanayi, irin su sabulu ko zare da allura, na wata 3 ya fi saurin tashin mai shago daga barci. Ga bargo, saurin nasa ba ya amfani tunda ba ka iya bambance saukar kasuwa da saukar sanyi.

A Excel, idan watanni suna shafin A, yawan kaya a shafin B, Janairun 2023 kuma yana layi na 2, ga abin da za ka rubuta a kowane gida, sannan ka ja ƙasa:

```
C4:  =AVERAGE(B2:B4)
D13: =AVERAGE(B2:B13)
E8:  =AVERAGE(D13:D14)
F8:  =B8/E8
```

C shi ne na wata 3, D na wata 12. E da F su ne inda ribar aikin take, don haka bari in daɗe a kansu.

Tunda sha biyu ba ta da wata guda a tsakiyarta, tsakiyar Janairu zuwa Disamba tana faɗawa tsakanin Yuni da Yuli, ta Fabrairu zuwa Janairu kuma tsakanin Yuli da Agusta. Idan ka haɗa biyun ka raba biyu, sai ya zauna daidai a kan Yuli. A misalinmu 95 da 97 ne, suka ba da 96, shi ne alƙiblar Yulin 2023. Abin da E ke yi ke nan. F kuma yana raba cinikin watan da alƙiblarsa: 80 a raba da 96 ya ba da 0.83, ma'ana Yuli yana kawo kashi 83 cikin ɗari na abin da wata madaidaici ke kawowa. Disamban 2023 alƙiblarsa 99.6 ce, ciniki 210, ma'auninsa 2.11, ya ninka wata madaidaici har da ɗori. Afrilun 2024 alƙiblarsa 102.2, ciniki 46, ma'auni 0.45, bai kai rabi ba.

Da wannan ma'auni a hannu, ka magance nauyin jikin na wata 12. A ce Afrilu mai zuwa ka sayar da bargo 40. Raba 40 da 0.45, ka samu kusan 89. Alƙiblar ƙarshe da ka sani 105 ce, ga shi watan ya ba da 89 bayan an cire masa uzurin zafi. To a nan ne za ka binciki shagonka, ko farashi ne, ko kalar kayan ce ta gundure mutane. Da 50 ka sayar, lissafin zai ba da 111, sai ka kwantar da hankali duk da cewa shago ya yi tsit. A ganina wannan rabawar ta fi na wata 3 amfani ga duk mai kayan yanayi, kuma minti biyu take ci.

Kula da inda E ke tsayawa. Da wata 24, daga layi na 8 zuwa na 19 kawai yake da gaskiya, wato Yulin 2023 zuwa Yunin 2024. Wata shida na farko da shida na ƙarshe ba su da shi. Idan ka ja shi ya wuce layi na 19, Excel ba zai yi ƙorafi nan take ba, domin AVERAGE yana tsallake gidan da ba komai, sai ya ba ka lamba mai kama da gaskiya. Haka nan watan da ka manta ba ka rubuta ba: ka bar shi fayau, zai raba da sha ɗaya, idan Disamba ne layin ya faɗi ba dalili, idan kuma ka sa 0, zai ƙirga shi a matsayin watan da ba a sayar da ko ɗaya ba. Nemo adadin daga littafin shago ko rasit. Sannan shekara biyu ma'auni ɗaya tak take ba kowane wata, wanda tsautsayin shekarar ke manne da shi. Idan ka tara shekara uku ko huɗu, haɗa ma'aunan kowane wata ka fitar da matsakaicinsu.

Ka lura da guda-guda na yi misalin. Da naira aka ƙirga, layin wata 12 zai iya hawa ko da yawan kayan da ke fita yana raguwa, musamman a waɗannan shekaru biyu, tunda bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin mota da farashin kaya sun tashi. Wanda ya sayar da bargo 100 a kan naira dubu takwas bara, bana ya sayar da 80 a kan dubu goma sha biyu, kuɗinsa ya tashi daga dubu 800 zuwa dubu 960, amma masu saye sun ragu da kashi ɗaya cikin biyar. Idan lissafinka na kuɗi ne zalla, raba cinikin kowane wata da farashin da ka sayar a watan kafin ka fara komai.

Yadin da ka ambata kada ka haɗa shi da bargo a shafi ɗaya. Bargo kalandar Bature yake bi, domin hunturu ba ya ƙaura daga Disamba. Yadi Sallah yake bi, ita kuma tana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. Ƙaramar Sallah ta kama 10 ga Afrilu a 2024, a 2025 kuma 30 ga Maris. Ke nan sayayyar ƙarshen azumi da ta faɗa Afrilu a 2024 ta koma Maris gaba ɗaya a 2025. Ma'aunin Afrilu da ka fitar daga 2024 zai ce maka kasuwar yadi ta rushe, ma'aunin Maris ya ce ta bunƙasa, dukansu kuskure. Ko na wata 12 bai tsira ba: watannin Afrilun 2024 zuwa Maris ɗin 2025 sun ƙunshi Ƙaramar Sallah biyu, sai layin ya yi tudu na wata guda ya dawo. Idan kana rubuta cinikin kullum, tara na yadi bisa watannin Musulunci, daga Muharram zuwa Zulhajji, ka bi matakan nan guda huɗu a kansa, sai Ramadan ya samu ma'auninsa, Zulƙida da Zulhajji su samu nasu. Idan jimlar wata kawai gare ka, buɗe shafin G ka rubuta kwana nawa na azumi suka faɗa cikin kowane wata, ka riƙa duba shi kafin ka yarda da duk wani tudu ko kwari da ka gani a layin yadi.