Wasiƙar neman ƙarin kwanakin fostin: ta ban-tausayi ko ta lissafi?

"'Yan uwa, taifot ya kwantar da ni kwana 10 ina tsakiyar fostin, wato aikin koyo na ɗaliban jinya, a ɗakin mata a wani asibiti nan Kaduna. Zan rubuta wa incaji, shugabar ma'aikatan jinyar ɗakin, ta ƙara mini kwanaki. In zayyana mata wahalar da na sha, ko in taƙaita?"

Sannu da jiki, ƙanwata. Na ga irin wasiƙun nan biyu a teburin incaji, kuma ba ƙarshe ɗaya suke yi ba.

Ta farko ita ce ta ban-tausayi: shafi guda na labarin zazzaɓi da ƙarin ruwa, sai a rufe da "a taimaka a ƙara mini lokaci." Sista za ta ce Allah ya sawwaƙe har zuciyarta, sannan ta sa takardar ƙarƙashin littafin rahoto, domin ba a faɗa mata kwana nawa ba, ba a kuma faɗa mata yaushe ba. Ita da rosta take aiki, tana da masu safe, masu yamma da masu dare.

Ta biyu layi ɗaya take bai wa ciwon. Misali: "Na yi rashin lafiya daga 3 zuwa 12 ga wata, ga takardar likita a haɗe. Aikin safe 5 da na dare 2 suka wuce ni. Ina roƙon in rama su a ranakun Asabar da makon farko na hutun makaranta." Kin lura kwana 10 kika kwanta, amma bashin 7 ne, tunda ranakun hutunki ba sa shiga lissafi. Wannan incaji za ta ɗauki biro ta cusa ki a rosta nan take. Ki ƙara da ayyukan da ba a sa miki hannu ba a littafinki, kamar sa robar fitsari ko wankin ciwo, don ta haɗa ki da ma'aikaciyar da za ta duba ki.

Ta biyun ma tana iya faɗuwa idan kika miƙa ta kai tsaye. Incaji ɗakinta take mulka, jadawalin fostin kuwa na makaranta ne. In fostin ɗinki na ƙarewa Juma'a, ranar Litinin ana jiranki a ɗakin haihuwa, wani rukunin ɗalibai kuma ya shigo gurbinku. Don haka ki bi da wasiƙar ta hannun malamar da ke kula da ku a asibiti, ta sa hannu tukuna. Na san wadda ta rama mako guda cur ba da sanin makaranta ba, aka ƙi lissafa mata.

Takardar likitan kuma ta nuna kin warke, kin isa komawa aiki, ba hutun da aka ba ki kawai ba. Ki yi hoton komai kwafi biyu, ki kai bayan an gama zagayen likitoci, ba lokacin miƙa aiki da safe ba.