Gargaɗi: an kwafi cigiyar wayar da na yi, an damfari mai ita

Assalamu alaikum. Duk wanda ya tura cigiyar nan ta wayar da aka tsinta a shagon atamfa kusa da kasuwar Taminus a Jos, don Allah ya tsaya ya karanta wannan, sannan ya koma ya goge waccan. Ni ne mai shagon, ni na rubuta cigiyar da hannuna. Wayar ta koma hannun mai ita tun ranar Litinin, amma kafin ta koma an yi amfani da cigiyar an cuci bayin Allah, kuma da bakina aka ƙarasa cutar. Shi ya sa ba zan yi shiru ba.

Ranar Asabar da yamma muna haɗa kaya za mu rufe, yaron shagona ya ɗaga wata turmin atamfa ya ga waya a ƙasa. Wanda ya san titin Ahmadu Bello ranar Asabar ya san yadda masu haɗa lefe suke cika wurin, mata sun fi talatin da suka zauna a bencin nan a ranar, ban isa in ce ga mai ita ba. Wayar a mutu take, caji ya ƙare, cajarmu kuma ba ta shiga bakinta. Sai na ɗauki hoton bayanta, na rubuta a Facebook cewa an tsinci waya a shagona, a kashe take, ranar Litinin zan nemi caja in kunna ta, mai ita ya kira wannan lamba. Na sa lambata, na roƙi jama'a su yaɗa. Kun kuwa yaɗa, Allah Ya saka da alheri, laifin ba naku ba ne.

Abin da ban sani ba shi ne, a daren nan wani ya kwashe hoton da rubutun gaba ɗaya, bai canja ko harafi ba sai abu ɗaya: ya cire lambata ya sa tasa. Ya zuba a zaurukan WhatsApp na unguwanni, daga Anguwar Rogo zuwa Gangare, Rikkos, har Bukuru. Tasa ta fi tawa tafiya, domin a WhatsApp ba a ganin asalin wanda ya fara rubuta abu, kowa daga ɗan'uwansa yake samu, shi kuma ya tura da zuciya ɗaya.

Mai wayar wata dattijuwa ce. Sun yi ta kiran layin tun daren Asabar ana ce musu a kashe yake, har sun haƙura sun ce an sace. Ranar Lahadi ɗanta ya ga cigiyar, amma ta jabun, ya gane rigar wayar mahaifiyarsa, ya kira da murna. Ga yadda ya ba ni labari daga baya. Mutumin ya yi masa magana irin ta dattawan kasuwa, da salati da komai, ya ce: «Yaro, ka yi haƙuri, mutum huɗu sun kira kafin kai, kowa ya ce tasa ce. Amana ce a wuyana, sai na tabbatar.» Sai ya shiga tambaya. Mece ce lambar layin da ke ciki? Menene cikakken sunan Hajiya? Wane hoto ne a fuskar wayar? A wace unguwa kuke? Yaron ya amsa duka, yana ganin ya haɗu da mai gaskiya, domin tambayoyin nan su ne dai waɗanda mai gaskiya zai yi. Daga ƙarshe mutumin ya ce ya yarda, amma yana Farin Gada wajen sarin kaya, a turo masa dubu uku kuɗin ɗan keke da zai kai musu wayar har gida gobe da yamma. Ya ƙara da cewa kada su wahalar da kansu zuwa rufe layi tunda waya ta samu. Suka tura, suka fasa rufe layin.

Dubu ukun nan ba ita ce abin da yake nema ba, ta shan ruwa ce kawai. Amsoshin yake so.

Ranar Litinin da safe na aro caja wajen maƙwabcina, wayar ta kawo, a kulle da zane. Ban fi minti ashirin da kunna ta ba aka kira ni a tawa lambar. Murya ta saurayi, mai ladabi: «Baba, ina kwana. Wayar mahaifiyata ce kuka tsinta, Allah Ya saka da alheri.» Na ce to, faɗa mini alamarta. Ya faɗi sunan Hajiya cikakke, ya ce hoton jikarta ne a fuskar wayar da farin hijabi. Na duba, haka ne. Ya ce bari ma ya kira layin in gani. Wayar ta yi ƙara a hannuna. Ku gaya mini, wa zai yi shakka bayan wannan? Hoton da na sa a cigiya na bayan waya ne, ba wanda ya ga fuskarta, don haka na ɗauka duk wanda ya san hoton nan ɗan gida ne.

Sai ya ce Hajiya ba ta jin daɗi, sai da yamma zai samu zuwa, amma akwai lambobin 'yan biki da take buƙata yanzu, yana so ya buɗe mata su a wayarsa. «Baba, wani saƙo zai shigo yanzu, akwai lamba shida a ciki, ku karanta mini kawai.» Saƙon ya shigo, ya fito a saman fuskar wayar duk da tana kulle. Na karanta masa. Ya yi godiya, ya yi mini addu'a, ya kashe.

Lamba shidan nan ita ce makullin WhatsApp ɗin matar. Haka abin yake aiki: duk wanda ya san lambar layinka zai iya rubuta ta a wayarsa ya ce yana so ya buɗe WhatsApp da ita, su kuma sai su aika lamba shida zuwa layin don su tabbatar yana hannun mai nema. Layin yana hannuna, lambar tana hannunsa, ni ne na haɗa masa biyun. Da ya shigar da ita, asusun ya bar wayar Hajiya ya koma tasa, da sunanta da hotonta da duk zaurukan da take ciki. Tsofaffin hirarrakinta ba su bi shi ba, amma bai damu da su ba, zaurukan sun ishe shi, domin a cikinsu yana ganin lambar kowa: na dangi, na Islamiyya, na adashi.

Kafin azahar ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya da sunanta. Wai tana asibiti da jikarta, bankinta ya ƙi aiki, a taimaka a tura cikin wannan asusu, zuwa dare za ta mayar. Ƙanwarta ta tura dubu arba'in, wata ƙawar adashinta ta tura ashirin da biyar. Sunan da ke kan asusun ba na Hajiya ba ne, dukansu sun gani, amma ya riga ya ce musu na ma'aikacin asibitin ne.

Allah Ya sa ƙanwar ta kira layin kai tsaye don ta ji jikin yarinya. Wayar ta yi ƙara a aljihuna, na ɗauka. Ta ce wane ne, na ce mai shagon da aka tsinci wayar. Ta ce wace tsintuwa, ba yanzu Yaya ta yi mini magana ba? Wallahi a nan na ji ƙafafuna sun yi sanyi. Kafin la'asar Hajiya da ɗanta na gaskiya suna shagona. Ta karɓi wayar ta zana ta buɗe a gabana, ɗan kuma ya zo da kwalin. Muka danna wannan:

```
*#06#
```

Lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar mai alƙaluma 15, ta fito, ta yi daidai da ta jikin kwalin. Wannan ita ce shaidar da ya kamata in jira tun farko, kuma ba a yin ta ta waya.

Mayar da WhatsApp ɗin bai zo da sauƙi ba. Ɗan ya sake shigar da lambarta, sabuwar lamba shida ta zo, ya sa, hakan ya fitar da ɓarawon nan take. To amma ya riga ya kunna Two-step verification, wato makulli na biyu na WhatsApp, ya sa tasa lambar sirrin, don haka ita ma ba ta iya shiga ba, sai bayan kwana bakwai. Da ita ce ta kunna abin nan tun da, ko na karanta masa lamba shidan da bai wuce ba. Kuɗin kuwa an kai ƙorafi banki da wajen 'yan sanda, har yau shiru. Hajiya ta ce ta yafe mini, ta ce niyyata ta alheri ce. Na gode mata, amma dubu sittin da biyar na mutane ya tafi, kuma na ɗauki alkawarin biyan rabi.

Malamanmu sun daɗe suna karantar da mu hukuncin tsintuwa: ka riƙe alamomin abin a ranka, ka yi cigiya, wanda ya zo ya siffanta ka ba shi. Na bi wannan, kuma ina nan a kansa. Abin da na koya da tsada shi ne, yanzu siffar ma ana satarta, ana tatsar ta daga bakin mai kaya a kawo wa mai tsintuwa. Saboda haka 'yan'uwana 'yan kasuwa, daga Taminus har Katako, idan waya ta kwana a shagonku, siffantawa ta waya ba ta wadatar. Mai ita ya tako da ƙafarsa ya buɗe ta a gabanku, ko ya kawo kwali ko rasit. Idan an kira layin ku ɗauka, ta nan ne dangi na gaskiya suke fitowa. Amma saƙon da ya shigo cikinta ba naku ba ne, kada ku karanta wa kowa ko da ya rantse da Alƙur'ani shi ne ɗan mai ita. Kuma a cigiya ku rubuta inda shagon yake, ku ce a zo, ya fi ku bar lamba kaɗai, domin lamba ake canjawa, shago ba ya tashi daga inda yake.

Kai kuma da ka yar da waya, wanda ya tsinta don Allah ba ya neman kuɗin mota kafin ka ga kayanka. Ka ce ya faɗi inda yake ka je da kanka, da rana, da ɗan rakiya. Idan ya fara kewaye-kewaye, yau yana Farin Gada gobe yana Bukuru, ka kashe wayarka. Kada kuma maganar kowa ta hana ka rufe layi: ka ari waya mai layi irin naka ka kira kamfanin layinka a 300, ka sanar da bankinka, daga baya ka je da lambar NIN ɗinka a dawo maka da shi. Da an rufe layin Hajiya ranar Lahadi, da babu saƙon da zai shigo ranar Litinin balle in karanta.

Jiya da daddare wani abokina ya sake turo mini cigiyar jabun daga wani zaure na Nasarawa Gwom, har yanzu tana yawo, da hoton teburin shagona a ciki. Babu wata waya a hannuna yanzu. Duk inda kuka gan ta, ku gaya wa mai kula da zauren ya cire ta, ku sa wannan a madadinta.